Dalilin da ya sa tsohon kwan lantarki ya fi ba da zafi a kan haske

Masu kiwon kaji sun daɗe da sanin cewa kwan lantarki irin na da, mai siririn zare a ciki, shi ne maganin sanyi ga 'yan tsaki. Mafi yawan wutar da yake sha zafi take komawa, kuma ana iya lissafa ko kashi nawa ne ke zama haske.

Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da makamashi ta hanyar haskakawa, ko ido ya gani ko bai gani ba. Domin lissafi ya zo da sauƙi, masana kimiyya suka ƙaddara wani abu da suke kira baƙin jiki, wanda ke shanye duk hasken da ya sauka a kansa, kuma babu abin da ya kai shi fitarwa in zafinsu ɗaya. Zaren kwan lantarki bai kai shi ba, amma da shi ake gwada shi.

Yawan abin da baƙin jiki ke fitarwa ya rataya ne a kan zafinsa kaɗai. Josef Stefan ya gano haka a 1879, Ludwig Boltzmann kuma ya kafa masa hujja a 1884:

E = σT⁴, σ = 5.67 × 10⁻⁸ W/m²·K⁴

Wato in zafi ya ninka biyu, makamashin zai ninka sha shida. Mu ɗauka zaren ya kai 3,000 a ma'aunin Kelbin, kamar na kwan halojin. Lissafin zai ba da wat miliyan 4.6 a kowace murabba'in mita, kimanin wat 460 ke nan a fili mai faɗin farcen yatsa. Shi ya sa zare ɗan mitsitsi ya wadatar. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: sai su sa zafin da ma'aunin Salshiyos, alhali dole a ƙara masa 273 tukuna. Wanda ya sa 2,727 a maimakon 3,000, amsarsa za ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku.

To, wannan makamashi ba iri ɗaya yake fita ba. Haske tafiya yake kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudu da tudu, wato tsawon zango, ita ce ke raba launi da launi. Ana auna ta da maikuromita, kashi ɗaya cikin miliyan na mita. Idon mutum daga wajen 0.4 zuwa 0.7 kawai yake gani. Abin da ya zarce ja, sai dai fata ta ji ɗuminsa.

A 1893 Wilhelm Wien ya nuna inda fitarwar ta fi ƙarfi:

λmax × T = 2898 µm·K

A raba 2,898 da 3,000, za a sami kusan 0.97. Ƙololuwar zaren tana can bayan ja, inda ido ba ya kaiwa. Bugu da ƙari, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na makamashin baƙin jiki ke fita a zangon da bai kai ƙololuwa ba. Sauran ukun sun fi nisa da ido.

Sanin ainihin rabon ido kuwa sai da dokar da Max Planck ya fitar a 1900. Daga ita aka tsara jadawalin da ke cikin littattafan injiniya. Mutum zai ninka tsawon zango da zafi, jadawalin ya gaya masa kason makamashin da ke fita daga sifiri zuwa wannan zango. A kan zarenmu, 0.7 sau 3,000 ya ba da 2,100, jadawali ya ce 0.083. Sai 0.4 sau 3,000, wato 1,200, ya ce 0.002. A cire ƙarami daga babba, saura 0.081. Kashi 8 cikin ɗari ke nan. Kusan duk ragowar ɗumi ne, rabon 'yan tsaki.

Rana fa? Zafin fuskarta wajen 5,800 ne, ƙololuwarta na kan 0.5, cikin abin da ido ke gani. In aka bi wannan hanya, kason da ake gani ya kai kusan 37 cikin ɗari.

Mai karatu zai ce to a ƙara wa zaren zafi mana. Ba dama. Tangistin, ƙarfen da ake yin zaren da shi, yana narkewa a wajen 3,695, kuma tun kafin nan yake sirancewa har ya tsinke. Don haka masu ƙera kwan zamani suka bar hanyar gasa ƙarfe gaba ɗaya, suka koma ga kwan da ke fitar da haskensa kai tsaye a zangon da ido ke gani.