Yadda Admin Zai Cire Mai Tada Fitina Daga Zauren WhatsApp Ba Tare Da An Ƙulla Gaba Ba

Cire mutum daga zauren WhatsApp aiki ne na daƙiƙa biyar: admin ya shiga bayanan zaure, ya taɓa sunan mutumin, ya danna `Remove`. Wahalar tana zuwa ne daga baya, domin yawancin zaurukanmu na mutanen da suka san juna ne. Wanda aka cire yau, gobe za a haɗu da shi a kasuwa, ko a sahun sallah, ko a wajen ɗaurin aure. Kuma sau da yawa ba cirewar ce take tsaya wa mutum a rai ba, kalaman da aka raka ta da su ne.

Abin da manhajar take yi idan an cire mutum

Kafin admin ya rubuta komai, yana da kyau ya san abin da zai faru a allon kowa. Idan mutum ya fita da kansa, tun 2022 admin kaɗai WhatsApp ke sanar wa. Amma idan cire shi aka yi, sanarwa tana bayyana a cikin zaure ɗauke da sunan admin ɗin da ya yi cirewar da sunan wanda aka cire. Ke nan babu cirewa a ɓoye, kuma babu damar fakewa da “shugabannin zaure”, tunda sunan mutum ɗaya ne zai fito.

Na biyu, wanda aka cire ba zai iya rubuta komai a zauren ba, ba kuma zai ga sabbin saƙonni ba, amma duk tsohuwar hirar tana nan a wayarsa. Zai iya komawa baya ya ɗauki hoton allo na duk inda wani ya yi irin laifinsa aka ƙyale. Sannan a zauren da zai iya ɗaukar mutum 1,024, da wuya a rasa abokinsa da zai tura masa abin da aka faɗa a bayan idonsa. Don haka ƙa'idar farko ita ce: duk abin da admin zai rubuta, ya ɗauka cewa mutumin zai karanta, yayansa zai karanta, maigidansa ma zai karanta.

Na uku, WhatsApp ba shi da hanyar rufe bakin mutum ɗaya na ɗan lokaci. Ko dai a rufe zauren gaba ɗaya ya zama admin kaɗai ke magana, ko a cire mutumin. Telegram ya fi shi a nan, domin yana ba admin damar hana mutum ɗaya tura saƙo na kwana ɗaya ko mako ɗaya, wa'adin ya ƙare da kansa. A WhatsApp kuwa, bambancin dakatarwa da kora yana cikin kalaman admin ne kawai. Idan bai faɗa ba, mutumin zai ɗauka korar har abada ce.

Misali daga zauren masu gyaran waya

A ɗauki misalin zauren masu gyaran waya mai mutum kusan 300, inda ake tambayar juna kayan gyara da matsalolin da suka gagara. A bayanin zauren an rubuta dokoki, cikinsu akwai ta 3 da ta hana tallan da bai shafi sana'ar ba, da ta 5 da ta hana zagi. Wani tsohon hannu a sana'ar, wanda ya girmi admin da shekaru, ya fara tura linkin wata harkar zuba kuɗi. Ranar Litinin admin ya goge saƙon, ya yi masa magana ta gefe. Ranar Alhamis ya sake turawa. Wani matashi ya ce wannan ya yi kama da damfara, shi kuma ya mayar masa da saƙon murya yana zagin iyayensa.

Saƙon da aka saba gani a irin wannan hali shi ne wanda admin yake rubutawa a cikin zaure yana cikin fushi:

“Mun cire Malam wane saboda rashin tarbiyya da yunƙurin damfarar mutane. Mun gaji da halinsa. Wannan ya zama darasi ga masu irin halinsa.”

Kowace jimla a nan tana da illa. “Rashin tarbiyya” hukunci ne a kan mutum da gidan da ya fito, alhali laifin da ake da shaida a kai saƙon murya ɗaya ne. “Damfara” zargi ne da admin ba zai iya tabbatarwa ba, domin mai yiwuwa shi ma mutumin ruɗarsa aka yi ya zuba kuɗinsa. Ga mai sana'ar da mutane ke bar wa wayoyinsu, wannan kalma tana iya taɓa abincinsa, kuma tana iya kai magana gaban shugabannin kasuwa ko hukuma a kan ɓata suna. “Darasi” kuwa ya mayar da babban mutum abin misali a gaban yaran da wataƙila shi ya koya wa aiki. Duk wannan an faɗe shi a wurin da aka riga aka hana shi amsawa.

Saƙon da ya kamata ya fara isa gare shi

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da mutumin, ta gefe, kafin a danna `Remove`. Kada sanarwar manhaja ta zama ita ce ta fara gaya masa. Tazarar kuma kada ta yi tsawo, minti ɗaya ko biyu ya isa, don kada ya koma zaure ya buɗe sabuwar rigima. Ga yadda saƙon zai iya kasancewa:

“Assalamu alaikum Yaya, barka da yamma. Na ga ya dace ka ji daga bakina kafin ka gani a allo. Ranar Litinin mun yi magana a kan linkin zuba kuɗi, cewa doka ta 3 ta hana. Yau Alhamis ya sake shigowa, sannan saƙon muryar da ya biyo baya ya saɓa wa doka ta 5. Mu ukun da ke kula da zauren mun zauna, mun yanke cewa za mu fitar da kai na wata ɗaya, kamar yadda ake yi wa kowa idan aka kai nan. Ba mu manta da taimakon da kake yi wa yara a kan gyaran allo da matsalar caji ba. Idan watan ya cika ni da kaina zan neme ka mu mayar da kai, matuƙar an bar waɗannan biyun. Idan kana ganin akwai abin da ba mu fahimta ba, lambata a buɗe take. Allah ya bar zumunci.”

Abin lura a nan shi ne saƙon ya ambaci aiki da rana da lambar doka, bai siffanta mutumin da komai ba. Mutum yana iya musa cewa shi mai fitina ne, amma ba zai musa cewa ya tura saƙo ranar Alhamis ba. Ya kira shi Yaya saboda ya girme shi, domin muƙamin admin bai sauya tsarin girma ba. Yabon da ke ciki takamaimai ne kuma gaskiya ne. Da na baka ne kawai, da mutumin ya gane. An faɗi wa'adi da sharaɗin dawowa, an kuma bar ƙofar ƙorafi.

Akwai jimloli biyu a ciki da suke zama tarko idan ba gaskiya ba ne. Idan admin bai tuntuɓi sauran ba, kada ya ce “mun zauna”, domin mutumin zai kira ɗayansu ya tambaya. Haka “kamar yadda ake yi wa kowa”: idan watan jiya abokin admin ya yi zagi aka share, hoton allon yana nan zai fito. Shi ma matashin da ya fara ambaton damfara a bainar jama'a ya cancanci a ja masa kunne ta gefe, ko da laifinsa bai kai na cirewa ba.

Gara a rubuta saƙon da a yi shi da murya, domin murya tana tona fushi, kuma ba a iya gyara ta kafin a tura. Idan mutumin dattijo ne ko karatu yana masa wuya, sai a kira shi, sannan a bi da gajeren rubutu.

Sanarwar cikin zaure

Tunda kowa zai ga an cire mutum, shiru yana haifar da jita-jita. Amma layi uku sun wadatar:

“Jama'a, mun dakatar da ɗaya daga cikinmu na wata ɗaya a kan doka ta 3 da ta 5, bayan gargaɗi. Mun yi magana da shi kai tsaye. Ɗan'uwanmu ne, don Allah kada a tattauna shi a nan, mai magana ya same mu ta gefe.”

Bayan haka admin ya goge saƙon zagin ga kowa. Ya hanzarta, domin damar gogewar ba ta wuce kwana biyu da 'yan sa'o'i, kuma ya adana hoton allo tukuna don shaida, ba don yaɗawa ba. Idan zaure ya ɗauki zafi, ya shiga `Group permissions` ya rufe tura saƙo na awa ɗaya ko biyu, ya kuma faɗi lokacin buɗewa. Lambar da aka cire ba za ta iya dawowa ta linkin gayyata ba, amma mai layi biyu zai iya shigowa da ɗayan. Kunna `Approve new members` yana toshe wannan, idan kuma linkin ya yaɗu sai a yi `Reset link`.

Inda wannan tsari ba ya aiki

Baƙuwar lambar da ta shigo ta fara watsa batsa ko neman lambobin sirrin mutane ba ta buƙatar gargaɗi, cirewa ce nan take. Idan kuma sanannen mutum ne ya fara tura abin da bai yi kama da shi ba, mai yiwuwa an sace masa asusu ne. A cire lambar don kare jama'a, a kira shi a waya ta layi, sanarwar kuma ta ce ana zargin an yi masa kutse, ba shi ake zargi ba.

Ana gane an yi kuskure idan mutane biyu ko uku suka fita shiru a ranar, ko aka ji an buɗe wani zaure na gefe, ko muhawara ta koma kan halin admin maimakon dokar da aka karya. Idan aka ga haka, a duba ko wata kalma ta wuce gona da iri, a janye ta a fili ba tare da an janye hukuncin ba.

Abu na ƙarshe shi ne alkawarin wata ɗayan. WhatsApp ba zai tuna wa kowa ba, don haka admin ya sa ranar a kalandar wayarsa tun a daren. Idan saitin mutumin ya hana a saka shi a zaure kai tsaye, gayyata ce za ta tafi masa, kuma kwana uku take yi ta mutu, saboda haka a kira shi a gaya masa an turo. Yana iya cewa ba zai dawo ba, wannan haƙƙinsa ne. Amma ba zai ce an yi masa alkawari an saɓa ba.