Wasiƙar da ke raka takardar neman biya ta farko

Manajan da ya ba ka aiki a babban kamfani ba shi ne zai biya ka ba. Shi ya san fuskarka, kun ma sha shayi tare, amma kuɗin yana hannun wani akawu a sashen kuɗi wanda bai taɓa jin sunanka ba, kuma gabansa takardu ne jibge. Saboda wannan akawun ake rubuta imel ɗin da ke raka inbois na farko, wato takardar neman biya.

A ce wata tela a Kano, mai rajista da CAC, ta ɗinka wa wani kamfani kayan ma'aikata guda 400, kowanne a naira 9,000. Kuɗin aiki ya kama naira 3,600,000. Idan sana'arta tana cikin waɗanda doka ta ɗora wa karɓar harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, za ta ƙara naira 270,000, jimilla ta zama 3,870,000.

Kafin akawu ya saki ko kwabo, sai ya haɗa takardu uku ya ga bakinsu ya zo ɗaya: takardar odar da kamfani ya bayar, wadda ake kira PO ko LPO, da takardar shaidar karɓar kaya, da inbois ɗin kansa. Don haka lambar oda ta fito tun daga kanun saƙon, tare da sunan kasuwanci da lambar inbois. Kanun da ya ce "Barka da aiki" kawai, nutsewa zai yi cikin akwatin saƙonni. Galibin kamfanoni da Turanci ake rubuta musu, amma tsarin ɗaya ne, kuma jikin wasiƙar bai wuce haka ba:

"Ranka ya daɗe, ga inbois mai lamba 001 haɗe da wannan saƙo, na kayan ma'aikata 400 da muka kawo bisa odarku, aka sa hannun karɓa ranar 3 ga Maris. Jimillar kuɗi naira 3,870,000, har da VAT na 270,000. Bisa yarjejeniyar kwana 30, ranar biya ita ce 2 ga Afrilu. Bayanan asusunmu suna ƙasa, kamar yadda suke a jikin inbois. Muna roƙon a sanar da mu isowar saƙon, da duk wata takarda da ta rage."

Wannan ranar da aka rubuta ƙarara ita ce ta fi komai hana jayayya. Mutane da yawa sukan rubuta "Net 30" su tsaya nan, alhali kwana talatin ɗin suna iya farawa daga ranar inbois, ko ranar da aka kai kaya, ko ranar da sashen kuɗi ya karɓi takarda. Idan kamfani yana ƙirga daga ranar da takarda ta shiga hannunsa, kuma ta shiga 10 ga Maris, to biya ya koma 9 ga Afrilu, tela kuwa ta riga ta yi wa mai yadi alkawari. A duba abin da takardar oda ta ce, domin ita ce abin da aka amince a kai. Imel ba ya ƙirƙiro sabon sharaɗi. Tarar jinkiri da ba a taɓa zancenta ba, sa ta a wasiƙar farko ɓata dangantaka kawai zai yi.

Sai bayanan asusu: sunan banki, sunan asusu, lambar NUBAN mai lambobi goma, da lambar haraji ta TIN. Sunan asusun ya dace da sunan da ke kan inbois harafi da harafi. Kamfani mai tsari ba zai tura miliyoyi zuwa asusun mijin tela ko ƙaninta ba, komai amanar da ke tsakani. Yana da kyau a ƙara layi guda cewa ba za a sauya asusu ta imel ba sai an tabbatar ta waya, domin 'yan damfara sun ƙware wajen aiko da saƙon "mun canja banki" da sunan ɗan kwangila.

Akwai kuma abin da ke tayar wa sabon shiga hankali ranar da alat ya shigo. Kamfanoni sukan yanke wani kaso na haraji tun daga tushe su miƙa wa hukuma da sunanka. A ce an yanke kashi 2 daga kuɗin aiki, ban da VAT: naira 72,000 ke nan, sai tela ta ga 3,798,000 ta ɗauka an cuce ta. Ba a cuce ta ba, muddin an ba ta shaidar yankewar, wadda za ta rage mata harajin da za ta biya daga baya. Kason yana bambanta da irin aiki, shi ya sa ya kamata ta tambaya tun a wannan wasiƙa nawa za a yanke, ta kuma nemi a aiko mata da shaidar.

Inbois ɗin ya tafi a matsayin PDF, ba hoton waya ba, tare da takardar oda da shaidar karɓar kaya. A aika wa sashen kuɗi kai tsaye, a sa manajan da ya ba da aikin a kwafi. Idan kwana biyu ko uku suka wuce ba amsa, a buga waya a tambaya ko an shigar da sunan kasuwancin cikin rajistar masu kawo wa kamfani kaya, domin wanda ba ya cikinta, lissafin kwanakinsa bai ma fara ba.