Wahalar Tayar Da Mota Da Asuba: A Fara Sauraren Injin

A sanyin Disamba da Janairu, ma'aikatan da ke sammako daga Ungogo zuwa cikin Kano sukan sha fama kafin mota ta tashi, kuma da yawansu batir suke ɗora wa laifi tun ba su bincika ba.

Ƙarar da mota ta yi idan an murɗa makulli ita ce shaidar farko. Idan injin na juyawa da nauyi, ko aka ji ƙas-ƙas kawai, wuta ce ta gaza. A sa mita a auna batirin kafin a taɓa makulli: lafiyayye yakan nuna kusan bolt 12.6, amma 12.0 na nufin cajinsa ya kusa ƙarewa. Sanyi yana rage ƙarfin batir, yana kuma ƙara wa baƙin mai kauri. Kafin a sayi sabo, a goge farin garin da ke taruwa a kawunansa, a ɗaure su tamau, domin sau da yawa nan ne aibin.

Idan kuwa injin na juyawa da sauri amma ya ƙi kamawa, batir ba shi da laifi. A buɗe makulli na daƙiƙa 3 ba tare da tayarwa ba, a kashe, a maimaita sau 3. In ya kama nan take, fetur ne ke sulalewa ya koma tanki cikin dare, kuma famfon mai ne bakanike zai fara dubawa. In ya ƙi, sai a kwance fulogi a duba.