Ranar da Saba Ta Rasa Wurin Rubutu

Da hantsi ne jami'in jarrabawa na wata makaranta da nake kula wa da shafin sakamako ya kira ni, muryarsa a sama. "Injiniya, don Allah duba mana, an yi mana kutse." Na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce malamai na sa kalmar sirrinsu daidai, shafin ya yi kamar zai buɗe, sai ya dawo da su bakin ƙofa, ba tare da ya ce sun yi kuskure ba. Wata malama da ta riga ta shiga tun da safe ta ɗora hoton ɗalibi, hoton ya fito fari fat. Shafin farko kuwa lafiya lau yake buɗewa, da tambarin makaranta da komai.

Na ce, "Malam, a ba ni minti goma." Ban yarda kutse ba ne, amma ni ma ban gano ba nan take, kuma dalilin rashin ganowar ya cancanci a faɗa.

Saba kwamfuta ce da ke ajiye a wani wuri, kunne dare da rana, tana amsa duk wanda ya buɗe shafi. Tamu tana aiki da Linux, faifanta kuma gigabayit 40 ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kusan duk motsin da saba za ta yi sai ta rubuta wani abu a faifai. Idan malami ya shiga, sai ta rubuta ɗan ƙaramin fayil mai shaidar cewa wane ya shigo, kamar katin da maigadi ke ba baƙo a bakin get. In babu wurin rubuta katin, kalmar sirri ta yi daidai, amma da malamin ya taka zuwa shafi na gaba sai a nemi kati a rasa, a mayar da shi waje. Hoton da ya fito fari shi ma haka ne: an samu an rubuta sunan fayil, amma cikinsa babu ko bayit ɗaya. Shafin farko bai damu ba don karanta shi kawai ake yi, karatu kuwa ba ya cin wuri. Shi ya sa cikar faifai ke zuwa da fuskoki iri-iri, kowa da abin da zai gani, kuma saƙon gaskiya, `No space left on device`, sau da yawa ba ya isowa gaban mai amfani. Wani lokaci ko a rajistar kurakurai ba za ka same shi ba, tunda ita ma rajistar rubuta ta ake yi.

Da na shiga sabar a matsayin `root`, wato babban mai iko, na ƙirƙiri fayil na gwaji, ya rubutu sumul. Wannan ya ɓatar da ni na ɗan lokaci, na tafi ina binciken rumbun bayanai. Na manta cewa tsarin ajiya na `ext4` yakan keɓe kashi 5 cikin ɗari na faifai ga `root` shi kaɗai, domin ko faifai ya cika, mai gyara ya samu wurin juyawa. Shafin kuwa yana aiki ne da sunan `www-data`, wanda ba shi da rabo a wannan keɓe. Ni ina da wuri, shi ba shi da shi. Sai da na dawo kan abin da ya kamata in fara da shi:

```
df -h
```

Wannan umarni yana jera faifai da girmansa da abin da aka ci da abin da ya rage. Layinmu ya nuna girma wajen gigabayit 40, an ci 38, saura sifili, cika ɗari bisa ɗari. Mai lissafi zai ce ina sauran biyun? Su ne keɓen nan.

Sanin faifai ya cika abu ɗaya ne, gano abin da ya cika shi wani abu ne daban. Ana bin sa ne kamar mai bin sawu, daga babban ɗaki zuwa ƙarami:

```
du -xh --max-depth=1 /var | sort -h
```

Zai auna kowane babban fayil da ke ƙarƙashin `/var`, ya jera su daga ƙarami zuwa babba, don haka mai laifin yana layukan ƙasa. Sai ka maimaita a cikin wanda ya fi girma. Na zaci `/var/log` ne, inda rajistocin tsarin suke, amma bai kai ko gigabayit ɗaya ba. Nauyin yana `/var/www`, kuma bayan taku huɗu na tsaya a kan fayil guda, `laravel.log`, mai gigabayit 31.

Log, ko rajista, littafi ne da manhaja ke rubuta abin da ya faru da ita, layi bayan layi, musamman kurakurai. Ba ta share na baya, ƙari kawai take yi. In ba wanda ya tsara mata iyaka, za ta yi ta rubutu har ranar da wuri ya ƙare.

A nan na tafka kuskuren da nake ganin kusan kowa ya taɓa yi. Waya na ta ƙara, jami'in jarrabawa na jira, sai na goge fayil ɗin da `rm`. Na sake duba `df`, ina jiran in ga fili ya buɗe. Ɗari bisa ɗari, ko gezau. Fayil ya ɓace, `du` ba ya ganinsa, amma faifai na nan a cike.

Dalilin yana cikin yadda Linux ke ɗaukar fayil. Umarnin `rm` suna kawai yake cirewa daga jeri. Abin da ke cikin fayil ba ya barin faifai muddin akwai wata manhaja da ta buɗe shi tana riƙe da shi. Kamar a cire allon shago ne alhali ɗan haya na ciki da kayansa: mai wucewa ba zai san da shagon ba, amma ba za a ba wani ba sai ya fita. Ana gano masu irin wannan riƙo da:

```
lsof +L1
```

Ya nuna mini wani aikin `php` da ke gudana a bayan fage tun makonni, wanda ke tura wa iyaye saƙon tes, yana riƙe da fayil ɗin, an rubuta `deleted` a gefensa. Da na kashe aikin na sake tayar da shi, nan take gigabayit 31 suka dawo, malamai suka fara shiga. Abin da ya dace in yi tun farko shi ne in karanta ƙarshen fayil ɗin da `tail`, sannan in zubar da cikinsa in bar sunan a wurinsa:

```
truncate -s 0 laravel.log
```

Da haka wuri zai samu a take, ba sai an taɓa manhajar da ke rubutu ba. Gaggawata ta kuma jawo mini asarar tarihin makonni shida, wanda da zai nuna mini ranar da matsalar ta soma.

Sa'ar da na yi, laifin bai tsaya ba. Sabuwar rajistar ta fara kumbura a gabana. Kuɗin da makarantar ta zuba wa kamfanin tura saƙonni ya ƙare, kamfanin yana ƙin karɓa, manhajar kuma an saita ta ta riƙa sake gwadawa ba iyaka. Duk gwaji ɗaya tana rubuta kuskure mai layuka da dama, wajen kilobayit 8, kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Yini yana da daƙiƙa 86,400, wato kusan megabayit 700 ke nan kullum. A kwana 45 an kai gigabayit 31. Ba wanda ya lura, don iyaye ba sa ƙorafi a kan saƙon da ba su san za a turo ba.

Muka sa wa gwajin iyaka, makaranta ta zuba kuɗi. Saura maganin gobe, wato juya rajista. Ma'anarsa a rufe littafin yau, a matse shi ya ƙanƙance, a buɗe sabo, a kuma jefar da mafi tsufa idan adadi ya cika. A Linux manhajar `logrotate` ce ke wannan aiki, kuma tana nan a sabar tun ranar farko. Ita ce ta sa `/var/log` bai kumbura ba, domin manhajoji irin su Nginx suna zuwa da nasu tsarin juyawar. Amma ba ta taɓa fayil sai wanda aka gaya mata, namu kuwa yana can wani lungu da ba ta san da shi ba. Na rubuta mata wannan a `/etc/logrotate.d/makaranta`:

```
/var/www/makaranta/storage/logs/*.log {
    su www-data www-data
    daily
    rotate 14
    compress
    missingok
    notifempty
    copytruncate
}
```

Yawancin layukan a fili suke: a juya kullum, a ajiye tsofaffi 14, a matse su, kada a yi ƙorafi in fayil ba ya nan, kada a juya fanko. Layin `su` yana sa a yi aikin da sunan mai wurin, don `logrotate` takan ƙi taɓa wurin da wasu ke iya rubutu a ciki in ba a faɗa mata haka ba. Sha huɗu kuwa zaɓina ne. A makaranta ƙorafi yakan ɗauki mako kafin ya iso gare ni, don haka kwana bakwai sun yi kaɗan.

Layin ƙarshe ne ke buƙatar tunani, kuma yana komawa ga ɗan hayan nan. A al'ada `logrotate` sauya wa fayil suna take yi, ta buɗe sabo. Amma manhajar da ke riƙe da tsohon ba ruwanta da suna, za ta ci gaba da zuba rubutu a cikinsa, sabon ya zauna fanko. Hanya mafi tsabta ita ce a aika mata sigina ta saki tsohon ta kama sabon, kamar yadda ake yi wa Nginx da `USR1`. Mai tura saƙonninmu bai san wannan sigina ba, shi ya sa na zaɓi `copytruncate`: a kwafe abin da ke ciki zuwa wani fayil, sannan a zubar da cikin na asali a bar shi inda yake. Yana da farashi. Layukan da aka rubuta tsakanin kwafa da zubarwa na iya salwanta, kuma kwafar tana buƙatar fili daidai girman fayil ɗin. Wanda ya kunna wannan tsari a kan rajista mai gigabayit 31 a faifan da ya cika, ba abin da zai samu sai wani kuskuren. A fara rage fayil da hannu tukuna.

Kafin in tashi na gwada da `logrotate -d`, wanda ke faɗin abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba. Wani abu kuma da na sa a raina: sau ɗaya a yini ake tayar da ita. Ko ka rubuta mata iyakar girma, ba ta dubawa sai lokacin da aka tashe ta, don haka manhajar da ta haukace tana iya cika ƙaramin faifai tsakanin asuba da la'asar. Saboda haka na ƙara ɗan umarni da ke duba `df` duk awa, ya turo mini saƙo in cika ta wuce kashi 80.

Washegari na leƙa, na tarar da `laravel.log.1.gz` kusa da sabon fayil. Bayan mako biyu sun cika sha huɗu, dukkansu a haɗe ba su kai megabayit 20 ba. Jami'in jarrabawa dai har yau in mun haɗu yakan ce, "Injiniya, ranar nan da aka yi mana kutse," ni kuma na gaji da gyara masa.