Yadda Ake Gyara Tsokaci Mai Zafi a Kan Aikin Abokin Karatu

A jami'o'i da kwalejojin ilimi, ɗalibai kan yi musayar rubuce-rubucensu kafin su miƙa wa malami, kowa ya duba na ɗan'uwansa ya rubuta tsokaci a gefen takarda. Tsokacin da ya fi saurin fitowa daga bakin alƙalami shi ne mai zafi, irin su "shirme ne" ko "ba ka iya rubutu ba". Sau da yawa mai faɗin haka ya ga aibi na gaske a aikin, sai dai ya yanke hukunci ya bar hujjarsa a ciki. Gyara irin wannan tsokaci yana nufin a fito da hujjar fili, a ɗauke maganar daga kan mutum a ɗora ta a kan takarda.

Akwai dalilin da ya wuce ladabi. A shekarar 1996, masana halayyar ɗan'adam Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara sakamakon bincike masu yawa kan tasirin tsokaci. Sun gano cewa galibi yana inganta aiki, amma a fiye da kashi ɗaya bisa uku na lokutan, aikin lalacewa ya ƙara yi. Bayaninsu shi ne, idan magana ta karkatar da hankalin mutum zuwa kansa, sai ya shagala da kare mutuncinsa, aikin kuma ya tsaya inda yake.

A ɗauki misalin ɗalibin da ya rubuta babi na biyu na kundinsa kan tsadar takin zamani da noman masara, abokinsa ya rubuta masa: "Kai malalaci ne. Babin nan ba kai ba gindi, kwafe-kwafe kawai ka yi." Zargi uku ne a dunƙule, kuma kowanne da yadda ake bi da shi.

"Malalaci" sharewa ake yi gaba ɗaya, domin mai dubawa takarda ya gani, bai ga dararen da aka raba a kanta ba.

"Ba kai ba gindi" kuwa yana da abin ceto. Mai gyara zai tambayi kansa a wane shafi ne zaren ya kuɓuce masa. Idan ya koma ya duba, wataƙila ya tarar shafi na 12 yana maganar farashin taki, na 13 ya tsallaka zuwa tarihin noman rani, sai a na 15 aka dawo kan farashi. Daga nan tsokacin zai zama: "Bayanin farashi ya katse a shafi na 12, bai dawo ba sai a na 15, shi ya sa mai karatu ke ɓata. Da za a haɗa su wuri guda, a mayar da tarihin noman rani farkon babin, hujjar za ta fi fitowa." An nuna wurin, an faɗi abin da ke can da illarsa ga mai karatu, sannan an ba da mafita. Kalmar "kai" ma ta fita, shafi ne ya zama mai laifi.

Zargin kwafe ya fi nauyi, domin satar fasaha na iya jawo wa ɗalibi hukunci mai tsanani. Mai dubawa bai san niyyar marubuci ba. Mai yiwuwa mantuwa ce wajen kwaso bayanai. Abin da ya sani shi zai rubuta: "Sakin layi na biyu a shafi na 14 ya yi daidai kalma da kalma da littafin da aka ambata a shafi na 10, kuma babu alamar zance ko madogara. Dole a sa su, ko a sake rubuta shi, kafin a miƙa." Kalmar "dole" ta zauna da gangan.

A nan ne masu gyara da yawa ke zamewa. Kunya da kara kan sa a yi ta tausasa magana har ta rasa ma'ana, a rubuta "aiki ya yi kyau, Malam, sai 'yan gyare-gyare". Marubuci ya tafi da murna, ya je ya sha kunya gaban malamai ranar kare kundi. Zafin lafazi ake ragewa, girman matsala yana nan yadda yake. Yabo ma, idan za a yi, a nuna wurinsa: a ce jadawalin shafi na 11 ya sauƙaƙa kwatanta farashi, don marubuci ya san abin da zai riƙe.

Kafin a mayar da takarda, ana auna kowane tsokaci da tambaya biyu. Shin za a iya ɗauke shi a manna a kan aikin wani ɗalibi ya zauna daidai? In haka ne, bai kama komai ba tukuna. Sannan, marubuci zai iya fara gyara ba tare da ya dawo yana tambayar abin da ake nufi ba? Idan kurakuran sun yi yawa, a fara da biyu ko uku mafi girma, kamar tsari da madogara, a bar na ƙa'idojin rubutu sai zagaye na gaba, tunda sakin layin da za a sake rubutawa ba ya buƙatar gyaran waƙafi yanzu.