“Riƙe Mini Daren Laraba”: Yadda Ake Musayar Duti a Asibiti

A ɗakin marasa lafiya na asibitocinmu, kusa da teburin ma'aikatan jinya, akwai wata takarda manne a bango da ake kira rosta. Ita ce ke nuna wanda zai yi safe, wanda zai yi yamma, da wanda zai kwana. A asibitoci da dama aikin safe daga ƙarfe 8 ne zuwa 2, na yamma daga 2 zuwa 8, na dare kuma daga 8 har gari ya waye, wato awa 12. Amma biki da suna da rasuwa ba sa duba rosta kafin su zo, shi ya sa ba a rasa mai cewa abokiyar aikinta, “Yaya, don Allah ki riƙe mini daren Laraba, ni kuma in yi miki yammacin Asabar.”

Musayar ba laifi ba ce. Matsalar tana farawa ne idan maganar ta tsaya a baki.

Mu duba wannan roƙo da kyau. Daren Laraba awa 12 ne, yammacin Asabar awa 6, ke nan tun farko an ci wa ɗaya awa 6. Wannan ma mai sauƙi ne, 'yan'uwa sukan yafe wa juna. Babban abin dubawa shi ne abin da ke gaban daren. Idan wadda ta amince tana da aikin safe ranar Alhamis, za ta shiga ƙarfe 8 na dare, ba za ta fita ba sai ƙarfe 2 na rana: awa 18 a tsaye, tana auna magani tana yi wa mutane allura. Su biyun ba lalle ne su lura ba, domin kowacce layinta kawai take kallo. Shugabar ɗaki ce ke ganin jadawalin gaba ɗaya, don haka ake kai mata maganar kafin ranar ta zo. Tana iya mayar da safen Alhamis ɗin ya koma hutu, ko ta ce a nemi wata.

Za ta kuma duba matsayi. Idan mai neman musayar ita ce babba a wannan dare, ita ke riƙe makullin akwatin magunguna masu ƙarfi irin su mofin da fetidin, to ba za a maye gurbinta da sabuwar ɗauka ba, komai kirkinta.

In an amince, sai a koma kan rubutu. A ja layi ɗaya kan dutin da aka canza yadda har yanzu za a iya karanta na ƙasa, a rubuta sabon a gefe da biro, shugaba ta sa hannu da kwanan wata. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwan gyara, domin gobe wani zai so sanin yadda abin yake da farko. Kuma wuri biyu ake gyarawa, daren Laraba da yammacin Asabar. Na biyun ne aka fi mantawa, sai Asabar ta zo rosta na nuna sunan wadda ke gida tana hutawa. Idan akwai kwafi a ofishin babbar jami'ar jinya, shi ma a sanar a gyara.

Daga nan kowa ya sa hannunsa da sunansa. Wannan ne wurin da zumunci ke ɓata aiki: wasu kan rubuta sunan mai ainihin dutin a rajistar zuwa aiki wai don kada a gane. To, wadda ta kwana ita ce za ta sa hannu a takardar maganin kowane majinyaci, ita za ta rubuta rahoton dare, ita za ta ƙirga alluran akwati tare da mai karɓar aiki da safe. Rajista ta ce wance, takardar magani ta ce wance. Ranar da allurar fetidin ɗaya ta ɓata, ko majinyaci ya rasu 'yan'uwansa suka kai ƙara, wadda ke wurin biki a daren ce za a fara kira, ɗayar kuma ta sha tambaya kan abin da ya kai hannunta littafin dutin da ba nata ba. Irin wannan bincike yakan iya kaiwa ga Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ce kuma ke ba da lasisi da janye shi.

Gane an yi daidai ba ya cin minti biyar. Da safiyar Alhamis shugabar ɗaki ta jera rosta da rajista da littafin rahoto, ta bi daren jiya da yatsa, ta ga ko suna ɗaya ne a duka ukun. In sun saɓa, a gyara nan take kafin mai dare ta ɗauki jakarta.