An ɗauke wuta ana sabunta BIOS: shin bod ɗin ya mutu ke nan?

Ka danna maɓallin kunna kwamfuta, fanka ta juya, ƙananan fitilu sun kama, amma sikirin baƙi ƙirin, ko tambarin kamfani bai fito ba. Minti goma da suka wuce lafiyarta ƙalau, sai da ka shiga sabunta BIOS aka ɗauke wuta aikin yana tsakiya. Da yawa a nan suke yanke ƙauna, mai gyara ya ce madabod ya tafi, a nemo wani. Sau da yawa kuwa babu abin da ya ƙone.

A jikin madabod, wato babban allon da komai na kwamfuta ke haɗuwa a kai, akwai wata 'yar aisi mai ƙafa takwas da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. A cikinta ake ajiye BIOS, umarnin farko da furosesa ke karantawa da zarar wuta ta shiga, shi ke tada ram da sikirin kafin a kai ga Windows. Sabuntawa kuwa goge tsohon rubutu ne a rubuta sabo, sashe bayan sashe. Idan wuta ta yanke a tsakani, ko aka ɗora fayil ɗin wani bod daban, sai furosesa ta farka ta tarar da umarni rabi da rabi, ta tsaya cak. Rubutun ne ya lalace, aisin kanta lafiya lau, kuma rubutu ana iya maimaita shi.

Kafin komai, a tabbatar mutuwar ce da gaske. Bayan sabuntawa bod yakan kashe kansa ya kunna sau biyu ko uku, masu ram irin DDR5 ma sukan yi mintuna sikirin na duhu suna daidaita kansu. Wanda ya firgita ya zare waya a wannan lokaci, da hannunsa zai jawo abin da yake gudu. Idan an jira kamar minti goma shiru, a cire wayar wuta, a ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, a ba shi minti biyar a mayar, a gwada da ram guda ɗaya. Wannan saiti kawai yake gogewa, ba ya gyara rubutun da ya lalace, amma wani lokaci sabon BIOS ne ya ƙi jituwa da tsohon saiti.

Idan hakan bai yi ba, a leƙa bayan akwatin. Bod da yawa na shekarun nan suna da maɓallin ceto kusa da kafofin USB. ASUS na kiransa USB BIOS FlashBack, MSI na cewa Flash BIOS Button, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Amfaninsa shi ne wata na'ura ce daban a kan bod ke yin rubutun, ba ruwanta da furosesa ko ram, saboda haka tana aiki ko BIOS ya lalace.

Mu ɗauki MSI B450 Tomahawk. A wata kwamfutar za ka sauko da BIOS na wannan samfurin daidai daga shafin kamfanin, ka lura da kyau, domin Tomahawk Max bod ne daban da fayil ɗinsa daban. Ka buɗe ƙunshin, ka canza sunan fayil ɗin zuwa MSI.ROM, ka ajiye shi a fili cikin filash da aka tsara da FAT32, ba cikin wata jaka ba. Kwamfuta tana kashe, amma wayar wuta mai fil 24 da ta furosesa mai fil 8 suna jone, ka soka filash a kafar da aka keɓe wa wannan aiki, ka danna maɓallin. Fitila za ta yi ta ƙiftawa na wasu mintuna, kada ka taɓa komai sai ta daina. Idan ta ƙifta kaɗan ta tsaya, ba ta karanta fayil ɗin ba ne. Laifin yawanci na filash ne ko na suna: Windows kan ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai ka ga kamar ka canza alhali tsohuwar wutsiya na nan. Tsohuwar ƙaramar filash ta fi sabuwa babba karɓuwa a wannan aiki, kuma na ga dacewar a gwada biyu ko uku kafin a haƙura.

Masu laftof ma suna da tasu ƙofar. A HP da yawa ana riƙe Windows da B a danna maɓallin kunnawa, a Dell kuma ana riƙe Ctrl da Esc yayin da ake soka caja.

Idan babu maɓalli, ko ya ƙi, saura a yi wa aisin rubutu kai tsaye. Masu gyara na amfani da wata 'yar na'ura mai araha, CH341A, da kilif mai kama ƙafafun aisin takwas ba sai an cire ta ba. Nan ne aka fi yin ɓarna, shi ya sa zan ɗan tsaya. A fara karanta lambar da ke bayan aisin. W25Q128FV da dangin MX25L bolt 3.3 suke sha, W25Q128FW da dangin MX25U kuwa bolt 1.8, kuma irin waɗannan na biyun sun yawaita a bod na AM4. Wanda ya ba ta 3.3 ba tare da adafta ba yana iya ƙona ta, abin da a da rubutu ne kawai ya koma aikin dalma. Wasu CH341A ɗin ma bolt 5 suke fitarwa a layukan saƙo, sai a auna da mita tukuna. A cire wuta da batiri, a daidaita jar wayar kilif da ɗigon da ke nuna ƙafa ta ɗaya.

Sannan, don Allah, a karanta kafin a rubuta, kuma sau biyu:

```
flashrom -p ch341a_spi -r na1.bin
flashrom -p ch341a_spi -r na2.bin
cmp na1.bin na2.bin
```

Idan umarni na uku ya yi shiru, karatun biyu sun zo ɗaya, kilif ya kama da kyau. Idan ya nuna bambanci, kilif na rawa, kuma duk abin da aka rubuta a haka shirme zai zama. Dalilin ajiye wannan kwafi shi ne lalataccen rubutun nan yana ɗauke da abubuwan da fayil ɗin kamfani ba shi da su: lambar siriyal, a wasu bod lambar MAC ta katin intanet, a laftof da yawa har da lasisin Windows. Idan aka goge ba kwafi, kwamfuta na iya tashi amma waɗannan sun tafi.

A duba girman fayil kuma. Lambar 128 a sunan aisin na nufin megabit 128, wato megabait 16, bait 16,777,216 cif. Fayil ɗin ASUS mai wutsiyar .CAP ya ɗan ɗara haka, domin an ɗora masa kai a gaba, sai an cire shi da manhaja irin UEFITool. Na laftof kuma sau da yawa wani sashe ne kawai na abin da ke cikin aisin, dole a haɗa shi da kwafin da aka ajiye, aikin da ya fi dacewa a bar wa gwani. Sai an sami daidaito ake sa `-w` a rubuta.

Idan an rubuta fayil daidai, an tantance, bod bai motsa ba, to matsalar ta wuce BIOS, wataƙila dawowar wuta da ƙarfi ta taɓa wani abu. In da sauran garanti, kamfani za a fara nema tun kafin a kafa kilif. Wanda kuma ya kulle faifansa da BitLocker ya nemo mabuɗin ceto mai lamba 48 ya ajiye kusa, domin kwamfutar na iya tambayarsa a tashin farko.